An maka ni a kotu kan miliyan 12, shin sai na rubuta asarar tun kafin a yanke hukunci?

Tambaya: Malam, ina sana'ar sayar da injinan sanyaya kaya. A watan Satumba wani inji da na sayar wa wani kamfani ya tsaya cak, kayan da ke ciki suka lalace, suka kai ni ƙara suna neman diyyar miliyan 12. Muna rufe lissafin shekara ranar 31 ga Disamba, kuma shari'a ba ta ƙare ba. Akantana ya ce sai mun rubuta asara, abokin kasuwancina ya ce tunda alƙali bai yi magana ba, babu abin rubutawa. Ga shi banki na jiran takardunmu don rance. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Alhaji, akantanka ya fi kusa da gaskiya, amma ba lallai ne a ce miliyan 12 ɗin duka za ku rubuta ba. Inda abokinka ya kuskure shi ne ɗaukar ranar hukunci a matsayin ranar da bashi ya hau kanka. A wajen masu lissafi, idan har laifin naka ne, bashin ya hau kanka tun ranar da injin ya tsaya. Alƙali zai tabbatar da shi ne kawai, ya faɗi yawansa. Tunda abin ya faru kafin 31 ga Disamba, shekarar nan ce za ta ɗauki nauyinsa.

Ƙa'idar da ake bi a nan ita ce IAS 37, ɗaya daga cikin ƙa'idojin lissafi na duniya, wadda aka fitar a 1998. Ƙananan kamfanoni masu bin IFRS for SMEs, wato ƙa'idojin da aka sauƙaƙa musu, za su sami kusan magana iri ɗaya a sashe na 21. Ƙa'idar ta ce ana yin tanadi, wato a rubuta asara a littafi tun ba a biya ba, idan abubuwa uku suka haɗu. Akwai wani nauyi a kanka yanzu wanda ya samo asali daga abin da ya riga ya faru. Yiwuwar ka biya ta fi yiwuwar ka tsira. Kuma ana iya ƙiyasta kuɗin da hujja. Na ukun ba safai yake hana kowa ba, domin ko ba a san ainihin adadin ba, galibi ana iya cewa daga kaza zuwa kaza ne. Rigimar tana kan na biyun.

Abin da ake nufi da "ta fi" shi ne sama da kashi 50 cikin 100. Ba a ce sai ka tabbata za ka biya ba, ma'auni ya ɗan rinjaya kawai ya isa. Kuma ba kai ne za ka auna ba, ba abokinka ba ne, domin dukanku kuna da buƙata a cikin amsar. Ku rubuta wa lauyanku, ku nemi ya ba ku ra'ayinsa a takarda, ya bi ƙarar gaɓa-gaɓa. Na sha ganin ɗan kasuwa ya dogara da "kar ka damu, za mu ci" da lauya ya faɗa masa a waya, amma da aka ce lauyan ya sa hannu a kan maganar sai harshe ya canza. Mai binciken kuɗi ma takardar zai nema.

Na ce gaɓa-gaɓa ne saboda irin wannan ƙara da wuya ta zama dunƙule ɗaya. Mu ƙaddara miliyan 12 ɗin kashi biyu ne: miliyan 5 kuɗin kayan da suka lalace, miliyan 7 kuma ribar da suka ce sun rasa a makonnin da ba su yi aiki ba. Mu ƙaddara lauya ya duba takardar ciniki, ya ga injin yana cikin wa'adin garanti, ya ga rahoton injiniya ya nuna matsalar daga injin take, ya ce da ƙyar ku kuɓuta daga miliyan 5 ɗin. Game da miliyan 7 kuwa, ya ce akwai sharaɗi a yarjejeniya da ya cire muku alhakin ribar da mai saye ya rasa, don haka ya fi zaton kotu za ta yi watsi da wannan, ko da yake bai cire tsammani gaba ɗaya ba.

To, miliyan 5 tanadi ne. Akanta zai shigar da shi sau biyu kamar kowane lissafi: a ɓangaren kashe-kashen shekara, inda zai rage riba, da kuma ɓangaren basussukan da ake bin kamfani. Idan ribarku kafin wannan miliyan 20 ce, ta koma 15. Ka lura, ko sisi bai fita daga asusunku ba. Mutane da yawa suna jin kalmar tanadi sai su ɗauka an ware kuɗi an ajiye a gefe, alhali rubutu ne kawai a littafi. Amfaninsa a zahiri shi ne ya hana ku raba ribar da ba taku ba. Idan kai da abokinka kuka raba miliyan 20 a Janairu, hukunci ya sauko a Yuni, daga ina kuɗin za su fito? Ni dai shawarata, ku nemi hanyar ware kuɗin na gaske tun yanzu, duk da ƙa'ida ba ta tilasta muku ba.

Miliyan 7 ɗin shi ne ake kira bashi mai sharaɗi, wato wanda zai tabbata ko ya faɗi gwargwadon wani abu da ba ya hannunku. Ba ya taɓa riba, ba ya shiga jerin basussuka. Amma ba a ɓoye shi. Ana rubuta shi a bayanan da ke biye da lissafin shekara: ga irin ƙarar, ga kimanin kuɗin da ake nema, ga abin da ya sa ba a san makomarta ba. Sai fa idan yiwuwar biya ta yi nisa ƙwarai, kamar ƙarar da ba ta da tushe ko kaɗan, a nan ne kaɗai ake yin shiru. Idan kuma a shekara mai zuwa shari'a ta juya, lauya ya ce yanzu kam ya fi zaton za ku biya, sai ya tashi daga bayani ya koma tanadi. Shi ya sa ake sake duba su duk ƙarshen shekara.

Na san abin da ke cin ran abokinka. Yana tsoron ɗayan ɓangaren ya ga kun rubuta miliyan 5 ya ce kun amsa laifi. Yin tanadi ba amsa laifi ba ne, kuma ana iya haɗa shi da sauran tanade-tanade irinsa a adadi ɗaya. Ƙa'idar ma ta yi sassauci: a yanayi na musamman, wanda ba kasafai yake faruwa ba, inda fayyace bayani zai cutar da matsayinku a shari'a sosai, kuna iya faɗin yanayin rigimar a taƙaice ku bayyana dalilin da ya sa ba ku zurfafa ba. Sassaucin a kan bayani yake, asarar kuwa sai an rubuta ta. Batun banki kuma, ƙarar da ke gaban kotu ba sirri ba ce. Bankin da ya ga riba miliyan 15 tare da bayani mai kyau zai iya tattaunawa da ku. Wanda ya ba da rance a kan 20, daga baya ya gano kun san da ƙarar kuka yi gum, yana iya ɗaukar hakan a matsayin saɓa sharuɗɗan rancen.

Akwai wani tarko da nake so ka kiyaye. Wataƙila kamfanin da ya ƙera injin, ko kamfanin inshora, ya ce zai mayar muku da abin da kuka biya. Sai zuciya ta ce ai shi ke nan, biyar ta fita biyar ta shigo, babu asara. Ƙa'ida ba ta auna su da mudu ɗaya ba. Asara ana rubuta ta da zarar yiwuwarta ta haura rabi, amma kuɗin da za a mayar maka ba a rubuta su sai ya zama kusan tabbas za su shigo. Alkawarin wakili a baki bai isa ba. Wasiƙar da suka amince da alhaki a rubuce, ita ce hujja. Ko an same ta, ana nuna kuɗin daban a cikin kadarori, ba a goge bashin da su, kuma ba za su wuce adadin tanadin ba.

Sai lokacin da ke tsakanin 31 ga Disamba da ranar da za ku sa hannu a kan lissafin, wanda kan ɗauki wata biyu ko uku. Mu ce a Fabrairu kun yi sulhu a kan miliyan 6, lissafi bai fita ba tukuna. A ƙarƙashin IAS 10, ƙa'idar da ta shafi abubuwan da suka faru bayan rufe shekara, za ku koma ku gyara tanadin ya zama 6, domin sulhun ya ƙara haske ne a kan bashin da dama yana nan tun kafin rufe shekara. Da sulhun ya zo bayan an amince da lissafin an fitar, ƙarin miliyan 1 ɗin sai ya faɗa shekara mai zuwa. Idan kuma kuka yi nasara gaba ɗaya, sai a warware tanadin, kuɗin su dawo cikin ribar shekarar da aka yi nasarar. Ba a karkatar da shi a toshe wata ɓarakar daban da shi.

Haka nan kada akantanka ya zarce gona da iri. Idan kana tsoron wannan rigima za ta kore maka masu saye, ciniki ya ja baya baɗi, wannan ba a yi masa tanadi, komai ƙarfin zatonka. Babu wanda yake binka wannan kuɗin yau, kuma babu abin da ya riga ya faru da ya ɗaure ka ka biya. Gwajin da nake yi wa kowace asara mai zuwa shi ne: da za ka rufe kasuwancin gobe, shin nauyin zai biyo ka? Diyyar injin Satumba za ta biyo ka. Raguwar cinikin baɗi ba za ta biyo ka ba.

Wannan gwajin ne ya sa nake so ka waiwayi sauran injinan da ka sayar bana da garanti, domin ina zargin ba ka yi musu komai ba. Su ma nauyi ne da ya hau kanka tun ranar ciniki. A nan ba a tambayar ko wani inji guda zai lalace, ana kallon su ne a dunƙule. Misali ka sayar da 400, kuma littafin gyare-gyarenka na shekarun baya ya nuna kashi 15 cikin 100 kan dawo da ƙaramar matsala mai cin 10,000, kashi 5 kuma da babba mai cin 50,000. Injina 60 sau 10,000 ya ba da 600,000, injina 20 sau 50,000 ya ba da miliyan 1. Tanadin garanti ya kama miliyan 1.6, a cire abin da aka riga aka kashe wajen gyaran waɗanda suka dawo kafin rufe shekara. Idan binciken injiniya ya nuna matsalar injin Satumba ta shafi duk samfurin, to alƙaluman baya ba za su yi aiki ba, sai ku ƙirga nawa kuka sayar daga wannan samfurin, ku sa kuɗin gyaran kowanne, kafin ku kai takardunku banki.