Na kwafa a nan, ya ƙi liƙuwa a can

Tambaya: Malam, barka da aiki. Daga Argungu nake shiga kwamfutar ofishinmu da ke Birnin Kebbi ta Remote Desktop don shigar da lissafin shinkafa. Ina cikin aiki sai kwafa da liƙawa su tsaya cak, babban fayil ya ƙi wucewa, sauti kuma babu. Ina mafita?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Tunda abin yana yi da farko sannan ya tsaya, wanda na fi zargi shi ne wata 'yar manhaja mai suna rdpclip.exe. A kwamfutar Birnin Kebbi take zaune, ba a taka ba, kuma ita ce ke karɓar abin da ka kwafa ta miƙa shi ɗaya ɓangaren. Takan sandare, musamman in sabis ya yanke ya dawo. Alamarta kuwa, ka kwafi sabon adadi amma tsohon ya fito, ko Paste ya dushe ya ƙi dannuwa.

Ba sai ka kashe kwamfutar ba. A cikin allon ta can ɗin, buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
taskkill /f /im rdpclip.exe
start rdpclip.exe
```

Sai ka sake kwafa, domin abin da ka ɗauka a baya ya tafi. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya rubuta wannan a kwamfutar da ke gabansa, sannan ya ce bai yi ba.

In hakan bai warware ba, fita gaba ɗaya. Kafin ka danna Connect, shiga Show Options, sannan Local Resources, ka tabbatar akwai alama a Clipboard. A nan ne kuma sautin yake: ƙarƙashin Remote audio, danna Settings ka zaɓi Play on this computer. In har yanzu shiru, duba ko Windows Audio na aiki a services.msc na can.

Babban fayil kuwa, ka daina tura shi ta kwafa da liƙawa. Wannan hanyar ba a yi ta don fayil ɗin da ya haura gigabayit 2 ba, kuma sabis na yankewa sai ka koma farko, data ta tafi a banza. A Local Resources ɗin, danna More, ka sa alama a Drives. Mu ce takardunka suna D:\Lissafi a kwamfutar da ke gabanka, to a can sai ka rubuta:

```
robocopy \\tsclient\D\Lissafi C:\Lissafi /e /z
```

Wannan /z ɗin ne ke sa aikin ya ɗora daga inda ya tsaya.

In ka sa duk alamomin nan amma ko kalma ɗaya ta ƙi wucewa, wataƙila mai kula da kwamfutocin ofishinku ne ya kunna Do not allow Clipboard redirection a Group Policy. Wannan ba lalacewa ba ce, kulle ne, shi za ka kira ya buɗe maka.