Kafin ka tura wa mai editin hoton biki

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki hotunan walima, zan ba wani mai editin da ban taɓa aiki da shi ba. Akwai abin da nake so a cire, akwai wanda za a saka, da ɗan gyaran kala. Yaya zan rubuta masa don kada ya yi min wani abu daban? Sau biyu ke nan ana dawo min da aikin da ban sa ba."

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don ni har yau akwai gidan da ba na iya bi ta layinsu saboda irin wannan.

Hoton kamu ne, na dangi, mutum goma sha ɗaya, amarya a tsakiya, kakarta zaune a gefenta. Uwar amarya ta ce firam take so inci 20 da 30, za a rataye a falo. Yayan amarya ya zo a makare, sai na ɗauke shi shi kaɗai a waje, da niyyar a haɗa shi daga baya. Abin da na rubuta wa mai editin kuwa, da kunya nake faɗa: "Ka cire ta hagun nan, ka saka yayan amarya, ka gyara ya yi kyau." Shi ke nan. Na tura, na kwanta.

Ni hagun da nake nufi hagun mai kallon hoto ne, inda wata mai rabon lemo ta leƙo da faranti. Shi kuma ya ɗauka hagun amarya, ya share gwaggon ango ɗungurungum, ya bar mai lemo tana murmushi. Wannan laifina ne, na yarda. Amma wa ya aike shi fuskar kaka? Tsohuwa da zanenta na gado a kumatu, ya bi ya goge shi tas, wai tabo ne. Amarya baƙa ce kyakkyawa, ya mayar da fuskarta fara fat, ya bar hannuwanta yadda suke saboda lalle ya hana shi taɓawa, sai ka ce kan wata aka ɗora a jikin wata. Ni kuma da gaggawa ta ci ni, a waya kawai na duba, na miƙa wa masu firinti. A gaban mata cike da falo aka buɗe firam ɗin. Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan wace ce a kujerata?" Ba wanda ya yi dariya. Na so ƙasa ta tsage. Da na kira shi, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai ni na ce ya yi kyau, kuma sake aiki sabon kuɗi ne. Ko haƙuri bai ba ni ba. Na biya firinti sau biyu daga aljihuna, shi kuwa ya toshe lambata. Na bar shi da Allah.

Tun daga ranar na daina kwatance da baki. Ina kwafar hoton, in zana da'ira a kan kowane wuri da abin zanen da ke cikin waya, in sa lamba: ja na cirewa, kore na ƙarawa, shuɗi na canzawa. Sai in tura wannan mai zanen tare da na asali, in rubuta saƙo da ke bin lambobin. Ka kira hoton da sunan fayil ɗinsa, kada ka ce "na ukun nan", domin jerin da ke wayarka ba lallai ya zama shi ne a kwamfutarsa ba. Da yau ne, ga yadda zan rubuta na wancan hoton:

"Hoto DSC_0412. Duk inda na ce hagu, hagun mai kallo nake nufi. Lamba 1, ja: a cire mai faranti mai jan mayafi, har da inuwarta a bango da gefen farantin da ya hau kafaɗar ta kusa da ita. A cike gurbin da labulen da ke baya, ga DSC_0409 inda labulen ya fito ba kowa a gabansa. Lamba 2, kore: a saka mai farar shadda daga DSC_0455, a layin baya, tsakanin mai koren leshi da mai baƙar abaya, ya ɗara mai abaya tsawo da kamar rabin kai. Lamba 3, shuɗi: a rage ƙyallin gumi a goshin amarya kawai. Kada a taɓa: kalar fatar kowa, zanen fuskar tsohuwa, lallen amarya, ƙiba ko ramar kowa."

Wannan layin na ƙarshe ya fi sauran duka muhimmanci a wurina. Mai editin idan ya ga fili sai ya nuna gwaninta. Tabon sallah a goshin dattijo, wushirya, bille, duk a idon wasu aibi ne da za a share. Rubuta masa ɓaro-ɓaro.

Kan wanda za a saka, ka duba haske kafin ka yi wa mai biki alkawari. Yayan nan a rana na ɗauke shi, hasken na dukansa daga dama, su kuma dangi a cikin zaure da filasha daga gaba. Ko wane gwani ka ba, sai an gane liƙi ne. Ka tura hotuna biyu ko uku na mutumin, waɗanda aka ɗauka a wuri ɗaya kuma daga tsayi ɗaya, ya zaɓa. In babu, ka sa shi a layin baya inda jikin wasu zai rufe ƙafafunsa, don a ƙafa da inuwar ƙasa asiri ke tonuwa.

Af, kada in manta: ka faɗa masa kada ya ɗora hoton a shafinsa da sunan talla. Hoton kamu galibi mata ne, wasu ba mayafi. Na san wadda mijinta ya ga hotonta yana yawo, rigimar ta kai ga iyaye, kuma mai ɗaukar hoto aka nema, ba mai editin ba.

Sai girma. Ka faɗi inda hoton zai je. Kyamarata na ba da fiksel 6000 a 4000, wanda ya yi daidai da inci 20 da 30, fiksel 200 a kowane inci, kuma ya wadatar ga abin da za a kalla a bango. Amma in ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi ya dawo wajen 1600 a dogon gefe, wato hamsin da 'yan kai a inci, fuskoki su dagargaje. Ka tura ta Document ko Google Drive, RAW in kana da shi, shi ma ya dawo maka da shi ta nan. In kuma inci 8 da 10 za a wanke, fiksel 1000 za su tafi daga faɗin, saboda haka ka faɗi ta wane gefe za a yanke, kada a datse kafaɗar wani.

Ku yi maganar sau nawa zai gyara kyauta tun kafin ya fara, ni sau biyu nake cewa, da ranar karɓa. Ka nemi JPEG cikakke da PSD mai leyoyinsa, don ko kun ɓata wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Rabin kuɗi kafin, rabi bayan ka buɗe a kwamfuta ka zuƙo zuwa 100%, ka bi fuska ɗaya bayan ɗaya, ka kuma ƙirga kawuna. Ni da na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya a ranar, da na ga gwaggo ba ta nan.