Bidiyon mai maganin suga kafin azumi

«Kawu, ina wuni. Na ɗauki bidiyon wani mai maganin gargajiya a kasuwar Dole. Ya ce habbatus sauda da zuma, in aka haɗa da azumi, suna warkar da ciwon suga har mutum ya bar allura. Ya kawo hadisi, wata mata ma ta ba da shaida. Ina so in saka a TikTok kafin a ga wata, amma Inna ta ce a al'ada sai manya sun gani. Dole ne? Ai ni ban faɗi komai ba, ɗauka kawai na yi.»

Ɗana, lahiya lau, Allah shi yi albarka. Innarka tana da gaskiya, sai dai kada ka ɗauka al'adar tana nufin ka bi duk mai furfura a Birni kana neman izini. A da, sankira ba ya fita shela sai maganar ta fito daga fada, don in ta ɓaci a san wanda za a tambaya. Abin da manya ke nufi ke nan: kowace magana a kai ta gun mai ita. Bidiyonka yana ɗauke da maganar likita, da ta malami, da mutuncin wata mata, kuma ba mutum guda ke da su duka ba. Batun cewa ɗauka kawai ka yi, bar shi. Mutumin nan a kasuwa mutum ashirin ke tsaye gabansa, kai ne za ka kai shi Magariya da Tanut da Kano a dare guda.

Na yi aiki a asibiti har na yi ritaya, don haka bari in daɗe a kan ɓangaren da na sani. Ɗauki takarda ka rubuta kowace da'awa da ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga mafi hatsari ita ce «a bar allura». Akwai masu sugan da jikinsu ba ya yin insulin sam, wato sinadarin da ke sauke suga a jini wanda allurar ke ba su, galibi yara da matasa. Irin wannan in ya bar allura, cikin kwana ɗaya ko biyu zai iya fara amai da ciwon ciki, numfashi ya yi zurfi, ya suma, kuma ana mutuwa a haka. Zuman kuwa, cokali babba guda yana ɗauke da suga wajen giram 17. Ba na raina zuma, ina shan ta, amma ba a ba mai suga ita safe da yamma a ce magani ne. Ga kuma ɗaya gefen, wanda ke shan ƙwayar sauke suga ta glibenkilamid da sahur ya wuni bai ci ba cikin zafin Damagaram, sugansa na iya faɗuwa wajen la'asar: gumi, makyarkyata, magana ta rikice. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce in awo ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, ko ya haura giram 3, a karya azumi nan take. Mai maganin ya faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan? In bai faɗa ba, bidiyonka ma bai faɗa ba.

Shaidar matar ita ce ta fi jan mutane, ita ce kuma ta fi rauni. «Na ji sauƙi» ba awo ba ne. Mai suga yakan yi watanni bai ji komai ba alhali ciwon yana cin idonsa da ƙodarsa. Ka tambaye ta cikin ladabi: likita ne ya ce tana da suga tun farko, ko zato ne? Tana da karne? Nawa awon ya nuna kafin ta fara sha, nawa bayan nan? Ta daina ƙwayoyinta, ko tana haɗawa? Sau da yawa za ka tarar tana shan maganin asibiti har yanzu, ta kuma rage lemo da fanke, yabon ya tafi ga kwalba. Akwai awon da ake rubutawa HbA1c, yana nuna yadda suga ya kasance cikin wajen wata 3. In ba ta da ko awon yatsa, abin da kake da shi labari ne.

Hadisin ba ƙirƙira ba ne, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Nan ne matasa ke zamewa, su ga hadisi ya inganta su ce an gama. Abin da za ka kai wa malami shi ne fassarar da mai maganin ya ɗora a kai. Ka je gun wanda ke karantar da Risala a zaure, ka tambaye shi ko hadisin ya ce a bar maganin likita, sannan mene ne hukuncin marar lahiyar da ke tsoron halaka in ya yi azumi. Aya ta 184 da ta 185 a Baƙara sun ba marar lahiya rangwame, malamanmu na Malikiyya kuma suna cewa in ana tsoron halaka, shan ruwan ya zama wajibi. A kan ciyarwa a madadin azumi ga tsoho za ka ji saɓani, wasu su ce mustahabbi ne, wasu su ce wajibi. Faɗi duka biyun da sunan mazhabarsu. Kada ka yanko malamin wannan ɓangare ka buga da na wancan don a yi ta sharhi, garin nan kowa ya san masallacin kowa.

Mai maganin ma yana da hakki a kanka. Koma ka gaya masa abin da likita ya ce, ka ba shi dama ya amsa, ka saka amsarsa yadda ya faɗe ta. Kada ka kira shi macuci, ba ka shiga zuciyarsa ba, kuma dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna. Ita kuwa matar, ta yarda ka ɗauka a kasuwa, amma ta san surukanta da kishiyarta za su gani a WhatsApp? Faɗa mata ƙarara, in matar aure ce a ji ta bakin maigidanta. In ta yi jim, cire fuskarta da muryarta. Ciwon mutum sirrinsa ne.

Abu guda da na lura da shi a wayoyinku: ana yanke bidiyo. Ka yi minti uku, gargaɗin yana ƙarshe, wani ya datse daƙiƙa talatin ta farko ya tura wa gwaggonsa. Don haka duba kowane yanki ka ce, in wannan kaɗai aka gani, me mutum zai aikata gobe da sahur? Gargaɗin ya zo a farko, da baki, da Hausa, domin da yawa cikin masu kallonka ba sa karanta rubutun da ke ƙasa. A ganina ma kada muryar mutumin tana cewa «a bar allura» ta fito ko kaɗan. Kai ka ba da labarin da'awar, likita ya amsa a jimla ta gaba, yadda ba za a iya raba su ba.

In ka bi wannan, bidiyon zai koma yadda mai suga zai shirya wa azumi, ya je asibiti tun makonni kafin a ga wata a daidaita masa magani. Wataƙila ba zai samu masu kallo kamar na farkon ba. Ka zo ran Alhamis bayan la'asar da wayar da takardar da'awowin, mu kalla tare, daga nan in haɗa ka da wani likita da ke duba masu suga. Ka gaida Innarka.