Tudun gindin babban yatsa a duban tafin hannu

"Wata mai duban hannu 'yar Indiya ta taɓa naman da ke gindin babban yatsana, ta ce wai ni mai son mutane ne. Me ta gani a wurin?"

Malam, masu wannan duba a Indiya da Turai suna raba tafin hannu gida-gida, kowane tudu da tauraronsa. Wanda ta taɓa maka shi ne tudun Zahara, tauraruwar nan da muke ce wa Zara matar wata, Indiyawa kuma su ce Shukra. Iyakarsa layin da ya zagayo gindin yatsan, wanda suke kira layin rayuwa.

Da ido suke dubawa, sannan su danna. In ya cika, ga tauri, sai su ce mutum yana da kuzari da son jama'a, ga sha'awar kiɗa da ado. In ya kumbura sosai kuma lagwab yake, wai son jin daɗi ya yi yawa. In a shafe yake, sai su ce mai sanyin hulɗa ne. Tudun da ke fuskantarsa a ɗaya gefen tafin na watan sama ne, shi kuma tunani da mafarki suke jingina masa.

Ni dai ban ɗauki fassarar da muhimmanci ba, don naman nan tsoka ce guda 3 masu motsa babban yatsa. Birkila ko mai sassaƙa turmi, nasa zai cika ko da murtuke fuska yake wuni. Amma in ka ga na hannu ɗaya yana lotsawa, yatsu na yi maka dindiris da dare, allura ko maɓallin riga na kuɓuce maka, wataƙila jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Wannan na likita ne.