Kuɗin haraji: ka cire tun ranar da ciniki ya shigo

"Maigida, bayan Sallah zan buɗe nawa shagon a Tudun Wada. Nawa zan riƙa ajiyewa saboda haraji, don kada a kawo mini takarda ba ni da ko sisi?"

To, ɗana, jawo benci ka zauna. Tikitin kasuwa da kuɗin shago na ƙaramar hukuma daban suke. Wanda kake nufi na hukumar tara haraji ta jihar Kaduna ne, KADIRS, kuma a kan ribarka ta shekara ake yanka shi, ba a kan duk kuɗin da ya ratsa hannunka ba. Ma'aikaci ana zare masa nasa kafin albashi ya iso. Mu teloli da kanmu muke kai bayanin abin da muka samu bara, kafin watan Maris ya ƙare.

A dokar da ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 ta farko a ribar shekara ba ta da haraji. Daga nan har miliyan 3, naira 15 ake karɓa a kowace ɗari. Abin da ya haura, har zuwa miliyan 12, naira 18 ce.

A ce a shekara shagonka ya yi cinikin miliyan 6. Zare da sitati da man janareta da kuɗin wuta da hayar shago da gyaran keke da sallamar yara da ladan masu aikin hannu suka cinye 3,200,000. Ribarka ke nan 2,800,000. Ka fitar da 800,000 ɗin nan, saura miliyan 2, harajinta 300,000. In aka nemi wannan kuɗi a wurinka rana ɗaya, sai ka sayar da keke. Amma ka auna shi da miliyan 6 ɗin da ta shigo: naira biyar ce kacal a kowace ɗari. Saboda haka in ka ɗinka babbar riga aka biya ka 60,000, a ranar za ka ware 3,000. Kaftani na 10,000 kuwa, 500.

Wani zai ce maka ka raba 300,000 gida goma sha biyu, ka riƙa ajiye 25,000 duk wata. Ni ban yarda da wannan ga tela ba. Kai ma ka gani, a azumi nan muke kwana, bayan babbar Sallah kuwa sai keke ya wuni ba a taka shi ba. A irin wannan wata ina za ka samo 25,000? Za ka tsallake, kana tsallake ɗaya kuma tsarin ya rushe. In ciniki kake bi, watan samu shi zai ɗauki nauyin watan rashi.

Ka kula da wannan sosai, don nan yara ke faɗawa. Kuɗin da mutum ya ba ka ka sayo masa shadda a kasuwar Sabon Gari ba cinikinka ba ne, amana ce. Ka rubuta shi a shafi daban, ka riƙe rasit. In ya gauraya da kuɗin ɗinki a asusunka kuma ba ka da littafi, sai a ɗauka duk naka ne. Wanda ba shi da rubutu, ƙiyasi ake yi masa, kuma ba shi da abin da zai yi musu da shi. Haka cefanen gida da kuɗin makarantar yara, ba sa shiga cikin abin da shago ya kashe.

Wurin ajiya kuwa, ka buɗe asusu na biyu a banki, kada ka karɓi katinsa. Kada ka zuba a adashi, don kwasarka ba lallai ta zo kafin Maris ba. Kada kuma ka ce bari ka juya shi a yadi. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah cikin Maris take faɗowa, lokacin da kowace naira ke neman shiga zare da man janareta, to a lokacin ne hannu ke ƙaiƙayin taɓa kuɗin.

Biyar ɗin nan ta misalinmu ce, ba doka ba. Shekararka ta farko ka fara da ita, ko shida in da hali. Bayan babbar Sallah ka buɗe littafi, ka haɗa ribar da ka samu, ka ƙiyasta ta sauran watanni. In ka ga ba za ta kai 800,000 ba, kuɗin ya zama naka, amma duk da haka ka kai bayaninka, don wata rana za ka nemi takardar shaidar biyan haraji in ɗinkin yunifom na makaranta ya taso. In kuwa za ta wuce miliyan 3, ka ƙara abin da kake warewa tun daga makon.