Haɗa faifan sola: jeri ko gefe da gefe?

"Ina da faifan sola biyu, kowanne volt 18, amfiya 5. Yaya zan haɗa su?"

Idan ka haɗa su a jeri, wato jar wayar ɗaya ta shiga baƙar ɗayan, volt ne ke taruwa: 36, amfiya tana nan 5. Gefe da gefe kuwa, ja da ja, baƙa da baƙa, volt 18 ne, amfiya 10. Ko ta yaya wat 180 ne.

Ni jeri nake zaɓa in wayar na da nisa, don ƙarancin amfiya na rage zafi da asara. Amma sai kwantirolarka, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, irin MPPT ce mai iya sauke volt mai yawa zuwa na batir, kuma jimillar Voc ɗin faifan, wato volt ɗinsu lokacin da ba a jona musu komai ba, ba ta wuce iyakar kwantirolar ba. Matsalar jeri inuwa: ta rufe faifai ɗaya, ta janyo ɗayan ƙasa.