Takardar ƙiyasin haraji ta iso, kuma ban yarda da kuɗin ba

Tambaya: Barista, hukumar haraji ta aiko mini da takardar ƙiyasi cewa ana bi na 940,000, alhali na riga na biya harajina na bara. Takardar tana ɗauke da kwanan wata 3 ga Maris, ta shigo hannuna ranar 10, an kuma rubuta cewa ina da kwana 30. Na je ofishin na yi wa wani jami'i bayani, ya ce za a duba. Tunda ban sa hannu ba, kuma na faɗa musu ban yarda ba, ai ba ta hau kaina ba ko? Yau 24 ga wata.

Amsa: Malam, bari in fara da inda fahimtarka ta karkace, domin nan ne haɗarin yake. Takardar ƙiyasi hukunci ce da doka ta ba hukuma ikon yankewa ita kaɗai, kuma a mafi yawan dokokin haraji ba ta buƙatar sa hannunka kafin ta yi aiki. Abin da doka ta ba ka shi ne damar ƙalubalantarta a rubuce cikin wa'adi. Maganar baka da ka yi da jami'in, komai kyawun fuskar da ya nuna maka, da wuya a ɗauke ta a matsayin ƙorafi. Ba na zarginsa da mugun nufi, amma ya kamata a ce ya gaya maka ka rubuto, maimakon ya sallame ka da "za a duba" kwanaki suna ta tafiya. Idan wa'adin ya cika ba ka shigar da komai ba, galibi ƙiyasin yakan zama tabbatacce, ya koma bashi da za a iya karɓa da ƙarfin doka, ko da kuwa lissafin kuskure ne.

Sai batun ƙirgen kwanakin. Tsawon wa'adi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: kwana 30 ne a Najeriya da Birtaniya a yawancin lokuta, wata ɗaya a Jamus, kwana 90 a Kanada ga kamfanoni. Abin da ya fi rikita mutane shi ne ranar da ake fara ƙirgawa. Wata dokar tana farawa daga kwanan watan da ke jikin takardar, wata daga ranar da aka isar da ita, wata kuma tana ɗaukar cewa ta iso bayan wasu kwanaki da aikawa, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Idan daga 3 ga Maris ne, wa'adinka zai ƙare 2 ga Afrilu. Idan daga 10 ne, sai 9 ga Afrilu. Ban ga dokar da ta shafe ka ba, don haka shawarata ka riƙe ranar farko, ka ɗauka kwana tara suka rage maka. Ka adana ambulan ko saƙon da takardar ta zo a ciki, domin shi ne shaidar ranar isowa idan gardama ta taso.

Yanzu kuɗin. Wannan 940,000 ba dunƙule ɗaya ba ne, kuma wanda ya ƙi amincewa da shi a dunƙule bai faɗi komai ba. Bisa kwafin takardar da ƙarin bayanin da ka haɗo da tambayarka, kai ka bayyana ribar 5,000,000, harajinta a kashi 20 cikin ɗari ya kama 1,000,000. Hukuma ta ɗaga ribar zuwa 8,000,000, haraji ya zama 1,600,000. Sannan ta cire 800,000 kawai a matsayin abin da ka biya, saura 800,000. A kan wannan ragowar aka ɗora tara 80,000 da kuɗin ruwa 60,000.

Ka ga ke nan tambayoyi uku ne a ciki, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Na farko, 200,000 da ka ce wani abokin ciniki ya cire daga kuɗinka ya miƙa wa hukuma a madadinka, amma ba a lissafa maka ba. Wannan ya fi sauƙi, muddin kana da takardar shaidar cirewar mai ɗauke da lambar harajinka daidai. Sau da yawa matsalar ita ce mai cirewar ya rubuta lamba ba daidai ba, ko kuma ya cire bai miƙa ba, kuma idan haka ne, da shi za ka fara magana. Na biyu, 2,000,000 da suka shigo asusunka na banki, hukuma ta ɗauke su ciniki, kai kuma ka ce rance ne daga ɗan'uwanka. Mai yiwuwa gaskiyarka ce, sai dai a irin wannan gardama nauyin kawo hujja yakan faɗa kan mai biyan haraji. Za a so ganin takardar rancen, bayanan asusun wanda ya turo, da alamar cewa ka fara biya. Takardar da aka rubuta jiya aka sa mata tsohon kwanan wata kuwa, kada ma ka fara, domin za ta mayar da gardamar lissafi zargin zamba. Na uku, kashe-kashen 1,000,000 da aka ƙi karɓa saboda babu rasit. A nan, gaskiya, ba ka da ƙarfi sosai.

Idan ka yi nasara a biyun farko ka saki na uku, riba za ta koma 6,000,000, haraji 1,200,000, a cire 1,000,000 da ka biya, saura 200,000. Tara da kuɗin ruwa yawanci suna bin asalin harajin ne, don haka za su iya sauka zuwa kusan 20,000 da 15,000. Wato kimanin 235,000 maimakon 940,000. Wannan lissafi ne a kan takarda, ba alkawari ba ne.

Yadda ake rubuta ƙorafin ba wani abu ba ne mai wuya: lambar takardar, shekarar harajin, kowane abu da ka ƙi da dalilinsa, adadin da kai ka yarda da shi, da kwafin hujjoji. Ka miƙa ta hanyar da takardar ta ambata, ka karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. "Kuɗin ya yi yawa" ba dalili ba ne, kuma a wasu wuraren ana watsi da irin wannan ƙorafin tamkar ba a shigar ba. Idan wata hujja ba ta kammala ba, ka shigar a kan lokaci ka ambata cewa tana tafe. Wasu dokokin suna ba da ƙarin lokaci saboda rashin lafiya ko wani uzuri mai ƙarfi, amma wannan yana hannun hukuma, ba na so ka dogara da shi.

Kada kuma ka zaci ƙorafi yana dakatar da komai. A wasu ƙasashen yana tsayar da karɓar kuɗin da ake jayayya a kai, a wasu dole ka biya ko ka nemi dakatarwa daban, kuma kuɗin ruwa yakan ci gaba da taruwa a kan duk abin da ya tabbata a ƙarshe. Shi ya sa nake ganin ya fi maka ka biya ragowar harajin 200,000 ɗin da ba ka da hujjar musantawa tun yanzu, ka rubuta cewa biyan bai shafi ƙorafinka a kan sauran ba. Ka kuma sani cewa sake duba fayil yana iya tono abin da ba a gani ba da farko, don haka ka zauna da akantanka ku bi bayanan bankin na shekarar gaba ɗaya kafin ka aika.

Idan hukuma ta ƙi gyarawa, akwai hanyar ɗaukaka ƙara gaban kotun haraji, ita ma da nata wa'adin. Ban ga dalilin gaggawar zuwa can ba a kan wannan adadin, ganin cewa kuɗin lauya da watannin jira za su iya cinye rabin abin da kake neman ceto. A cikin takardar ƙorafin ka nemi a sa maka ranar zama da jami'in da ya yi ƙiyasin, ka je da akanta da takardunka, ka roƙi sassaucin tara idan doka ta ba da dama, kuma duk abin da kuka daidaita a kai ka tabbatar ya fito a sabuwar takardar ƙiyasi da ta maye gurbin ta 3 ga Maris.